Mai gini ya ƙara kuɗin hayar shago: me zan rubuta masa?

Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a bakin titi a wata unguwa a Kano, shekarata shida a cikinsa. Ina biyan naira 600,000 a shekara, kuma ban taɓa ƙetare rana ba. Makon jiya yaron da ke karɓa wa Alhaji haya ya zo ya ce daga bana miliyan ɗaya ce, in ban iya ba akwai mai so. Kuɗina zai ƙare ƙarshen watan Yuni, yanzu muna tsakiyar Afrilu. Alhajin sa'an mahaifina ne, ina jin nauyin yin ciniki da shi baki da baki, shi ya sa nake so in rubuta masa wasiƙa in ce ya bar mini a 700,000, ni kuma in ɗaure kaina shekara biyar a kan haka. Babu wata takarda tsakaninmu sai rasit. Yaya zan tsara wasiƙar?

Wani ɗan kasuwa, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Wasiƙa dabara ce mai kyau, kuma lokacin da ka taso ya yi daidai, don akwai sauran sarari na kai da komo. Amma tayin da ke ranka, in ka aika shi yadda yake, albarka za a ce maka, kuma wataƙila ya ɓata sauran maganar.

Dubi abin ta wajen Alhaji. Kai kana ganin daɗewa kyauta ce kake ba shi. Shi kuwa ya ga yadda kuɗi ya narke tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. Mutumin da ya ga haka da idonsa, ya sayi siminti da kwano a wannan tsakanin, ba zai yarda a ɗaure masa hannu shekara biyar a kan farashi ɗaya ba. A wurinsa ba ɗan haya mai tabbas ka kawo ba, asara mai tabbas ka kawo. Daɗewa tana zama abin so ga mai gini ne kawai idan kuɗin yana hawa da ita, ya san tun yau nawa zai karɓa bana, nawa baɗi, nawa baɗin baɗaɗa, kuma ya san ba zai bi kowa bashi ba. Wannan shi ne abin da wasiƙarka za ta sayar masa.

Kafin ka ɗauki biro, yi lissafi biyu a bayan littafin shago. Za mu sa adadi na misali, kai ka maye su da naka na gaskiya.

Na farko, nawa tashi zai ci maka? A ce ka samu shago irin naka a wani layi a kan 800,000. Sabon shiga yana biyan la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin ɗari, da kuɗin takardar yarjejeniya, shi ma sau da yawa kashi 10. Ka ga 160,000 sun tafi. Cire kanta da katakan jera kaya, ɗaukar firiza, motar kwashe kaya, kafinta, mai wayarin, sabon allon suna: a ce 250,000. Sai babbar asarar da ba a ganinta a rasit, wato masu saye. Mai kayan masarufi da 'yan layinsa yake ci, matar da ke aiko yaro sayen madara da sukari ba za ta aike shi unguwa ta biyu ba. In ribarka ta wata 300,000 ce, ta faɗi da kashi ɗaya cikin uku na wata huɗu kafin sabon wuri ya san ka, 400,000 ke nan. Jimilla 810,000, ban da bashin da ke littafi wanda wasu za su manta da shi da zarar ka bar layin. Raba wannan a kan shekara uku, 270,000 kowace shekara. Ashe shagon 800,000 ɗin nan a zahiri 1,070,000 ne.

Ma'anar wannan ba ta da daɗin ji: in lissafinka ya fito kusa da haka, ko miliyan ɗayan ka biya ka fi wanda ya tashi. Saboda haka kada kalmar tashi ta shiga wasiƙarka ko da a kaikaice. Barazanar da ba za ka iya cikawa ba, dattijon da ya daɗe yana ba da haya zai gane ta tun daga layin farko, kuma in ya ce to Allah ya ba da sa'a, ba ka da hanyar dawowa sai da kunya. Wannan lissafi naka ne kai kaɗai. Amfaninsa shi ne ya nuna maka iyakar da za ka tsaya, ba a nuna wa mai gini shi.

Na biyu, nawa tashinka zai ci wa Alhaji? In shagon ya zauna a rufe wata uku kafin a samu mai biyan miliyan, ya rasa 250,000. Fenti, gyaran daɓe da ƙofa bayan an cire kanta, a ce 100,000. Wato daga miliyan uku da yake hange a shekara uku, abin da zai shigo hannunsa 2,650,000 ne, kuma daga hannun wanda bai san halinsa wajen biya ba. Gaskiya ne yana iya sake yi wa sabon ƙari a shekara ta biyu, kada ka ɗauka bai san da haka ba. Amma sabon ma yana iya karyewa a wata na takwas. Tayinka ya kamata ya zauna kusa da wancan adadi, har bambancin ya zama kaɗan ƙwarai idan aka auna shi da kwanciyar hankali.

Ga tsarin da muke ganin zai shiga kunne: shekarar farko 780,000, ta biyu 860,000, ta uku 950,000. Jimilla 2,590,000, tazarar 60,000 kacal da abin da zai samu in ka tashi. Matakin farko ƙarin kashi 30 ne cikin ɗari a kan abin da kake biya, wanda ya nuna ba raina masa hankali ka zo yi ba, sauran biyun kuma kusan kashi 10 kowanne. A ranka ka ajiye inda za ka tsaya, misali 850,000, 930,000 da 1,020,000, jimilla 2,800,000. Tsakanin tayin da iyakar nan ne cinikin zai gudana. In ya nemi ka ƙara, ƙara a shekara ta uku kafin ta farko, domin kuɗin da za ka biya nan da shekara biyu ya fi na yau sauƙi a aljihunka, shi kuma yana jin daɗin ganin an kai miliyan ɗin da ya furta.

Rubuta adadin kowace shekara da lamba. Kada ka ce "za a riƙa ƙari gwargwadon yanayin kasuwa" ko "yadda aka daidaita". Irin wannan magana ita ce ke haifar da rigimar da kake gudu, don a shekara ta biyu kowa zai zo da tasa kasuwar. A fiƙihu ma sharaɗin ingancin haya ne a san kuɗin kuma a san tsawon lokacin tun wajen ƙullawa. In Alhaji mai kula da wannan ne, lambobi a fili za su kwanta masa.

Abu ɗaya ya rage kafin rubutu, kuma ƙafa yake so. Zaga layinku da layuka biyu na kusa ka ji abin da ake biya. Ka tambayi waɗanda suka kama shago cikin shekarar nan, ba tsofaffin zama irinka ba, don farashin tsohon ɗan haya kullum yana ƙasa da kasuwa, kuma mai gini ya san haka. Shaguna uku sun isa, masu faɗi irin naka, masu fuskantar titi irin naka. In ka tarar sababbi suna biyan tsakanin 750,000 da 850,000, ka samu hujja. In ka tarar da gaske miliyan ake biya, to kada ka kawo zancen farashin maƙwabta sam, ka tsaya a kan tarihin biyanka da tabbacin shekara uku, kuma ka fara tayinka sama da abin da muka sa. A wasiƙa ka faɗi adadin ba tare da sunan kowa ba. Ambaton suna yana jawo wa maƙwabcinka ƙari, kuma zai san daga ina ta fito.

Me ya sa uku ba biyar ba? Ban da abin da muka faɗa kan faɗuwar darajar kuɗi, akwai dalili na shari'a. A tsarin dokar Najeriya hayar da ta wuce shekara uku tana shiga wani aji daban: ana bukatar cikakkiyar takarda mai hatimi wadda lauya zai tsara, da rajistarta, kuma idan filin yana da takardar mallaka ta gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana neman amincewar gwamna kafin mai shi ya ba da irin wannan doguwar haya. Duk wannan kuɗi ne da zirga-zirga, kuma yawancin masu gini da sun ji an ambaci takardun filinsu sai su ja baya. Shekara uku cif, ko ƙasa da haka, takardar yarjejeniya ta yau da kullum ta wadatar. In kana son tabbacin da ya wuce nan, nemi a rubuta cewa kai za a fara yi wa tayin sabuntawa kafin kowa. Sannan kai ma kana bukatar ƙofa: ba ka san yadda titinku zai kasance nan da shekara biyar ba, ana iya raba shi biyu a toshe mahaɗa, ana iya buɗe babban kanti a gabanka.

Akwai kuma abin da za ka bayar ba tare da ka lura ba. A halin da kake yanzu, mai biyan shekara-shekara ba tare da takardar da ta ce wani abu daban ba, ƙa'idar da aka fi bi a dokokin jihohi ita ce sai an ba ka notis na wata shida a rubuce, bayan ya cika a ba ka na kwana bakwai, sannan a je kotu. Mai gini ba shi da ikon sa wa shagonka kwaɗo, ko cire ƙofa, ko watso kaya da kansa. Ƙarin haya ma tayi ne, ba ya hawa kanka sai ka amince, ko da yake in kun kasa daidaitawa yana da damar bin waɗancan matakai ya karɓi wurinsa. To amma yarjejeniya mai ƙayyadadden wa'adi tana mutuwa da kanta ranar da wa'adin ya cika, ba a bin ka notis na wata shida, na kwana bakwai kawai ya rage. Shi ya sa dole ka nemi a rubuta cewa wata shida kafin ƙarshe kowane ɓangare zai sanar da ɗaya niyyarsa. Ka san wannan haƙƙi naka, amma kada ka rubuta shi a wasiƙar farko. Kalmar kotu ko lauya a takardar da aka kai wa sa'an uba tana rufe ƙofar da kake ƙwanƙwasawa.

Wasiƙar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. Ga yadda za ta iya kasancewa:

Zuwa ga Baba Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Baba da iyali kuna lafiya.

Saƙonku ya iso ni ta hannun wakilinku game da sabon kuɗin hayar shago mai lamba 3 da nake ciki, cewa daga 1 ga Yuli zai koma naira 1,000,000 a shekara. Na san komai ya tashi, kuma na yarda ƙari ya zama dole.

Shekara shida ke nan ina wurin nan a ƙarƙashin inuwarku, kuma cikin ikon Allah kowace shekara kuɗin yana isowa kafin ranarsa. Na bincika a layinmu, shaguna masu girman wannan da aka kama cikin shekarar nan suna tsakanin 750,000 da 850,000.

Saboda haka nake roƙon Baba ya duba wannan tayi. Ina so in ɗauki shagon na shekara uku a jere, daga 1 ga Yuli na bana, kamar haka: shekarar farko 780,000, ta biyu 860,000, ta uku 950,000. Kuɗin kowace shekara zan biya shi gaba ɗaya ranar 1 ga Yuni, wata guda kafin lokaci. Ƙananan gyare-gyare na cikin shago, kamar fenti, makulli, wayar wuta da daɓe, suna kaina. Ba zan sa kowa a shagon ba, kuma ba zan canja sana'ar da ake yi a ciki ba sai da izininku.

Abin da nake roƙo a madadin haka shi ne a rubuta mana yarjejeniya da shaidu, kuɗin ya tsaya yadda aka rubuta har wa'adin ya cika, kuma wata shida kafin ƙarshe mu zauna kan sabuntawa. Kuɗin rubuta takardar ni zan ɗauka.

Idan Baba ya ba ni dama zan zo gida ranar Asabar ta sama bayan la'asar in ji abin da kuka gani. Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ɗanku,
(suna, lambar waya, kwanan wata, sa hannu)

Lura da abin da babu a ciki. Babu kuɗin makarantar yara, babu rashin ciniki, babu tsadar dizal. Mutane da yawa suna cika shafi da kuka suna zaton tausayi zai sauko da farashi. Wani lokaci yana saukowa na shekara ɗaya, amma abin da mai gini ke karantawa a ƙarƙashin kukan shi ne: wannan yana gab da gazawa. Wa zai ɗaure kansa shekara uku da mai gab da gazawa? Haka kuma babu lissafin abin da Alhaji zai rasa in ka tashi. Ya fi ka sanin wannan, kuma faɗa masa a rubuce kamar gori ne. Babu zancen yoyon rufi ko magudanar da ta toshe. In akwai su, a kawo su wajen rubuta yarjejeniya, a matsayin wa zai gyara me, ba a matsayin ƙorafi ba.

Jimlar da ta fi kowace aiki ita ce "na yarda ƙari ya zama dole". Da ita ka sauke shi daga shirin gardama, magana ta koma kan nawa. Ta biyu ita ce ranar 1 ga Yuni. Biya kafin lokaci da wata ɗaya kusan ba ya cin maka komai, amma ga mai gini da ya saba aika yaro sau biyar kafin a ba shi rabi, babban abu ne. Sai dai kada ka rubuta ranar da ba za ka iya cikawa ba. Bana saura mako shida a kai 1 ga Yuni. In 780,000 ba za su haɗu ba a lokacin, rubuta 15 ga wata. Alkawarin farko da ka saɓa shi zai zama hujjar warware sauran.

Akwai yiwuwar ya ce ya yarda, amma ka ba shi shekara biyu a dunƙule. Nan ma lissafi za ka yi kafin ka amsa. Kuɗin shekara ta biyu, 860,000, in suna cikin kaya suna juyawa sau ɗaya duk wata biyu, kana samun naira 5 a kan kowace 100 bayan an cire komai, a shekara sun kawo maka 258,000. Wannan shi ne abin da biyan gaba zai ci maka. In ragin da zai yi maka saboda dunƙulen bai kai haka ba, ka yi asara ko da takarda ta nuna an yi maka sauƙi, ga kanta ta yi fayau ana tambayar kaya kana cewa sai gobe. Abin da za ka iya sassautawa a kai shi ne rabin shekara ta biyu, ko babban gyara guda ɗaya da shi ma yake so, kamar sauya kwanon rufi. In gyara ne, a kawo mai aiki ya yi kiyasi a gabanku, a rubuta adadin, a rubuta daga kuɗin wace shekara za a cire. Gyaran da aka yi da "ai za mu daidaita" ba a cika daidaita shi ba, kuma abin da ka kafa a jikin gini ya zama na mai gini in ba an rubuta akasin haka ba.

Yanzu yadda za ta isa hannunsa, wanda ya kai rubutun muhimmanci. Kada ka ba yaron da ya kawo saƙon ya kai. Ba zarginsa muke ba, amma duba inda amfaninsa yake: mai karɓar haya galibi kasonsa yana bin yawan kuɗin, kuma in sabon mutum ya shigo akwai la'ada, in kai ka zauna babu. Yana yiwuwa ma miliyan ɗin ba daga bakin Alhaji ta fito a haka ba. Wasiƙarka, da ta ambaci adadin a fili, za ta warware wannan ba tare da ka tuhumi kowa ba. Ka kai da kanka gida, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce ga ɗan rubutu a duba in an samu sarari, ka tashi. Kada ka tsaya a karanta a gabanka, don amsar da aka bayar nan take yawanci a'a ce. In kana jin nauyin ya yi yawa, tafi da wani dattijo da yake jin maganarsa, limamin masallacinsu ko wani abokin mahaifinka, amma ya raka ka gaisuwa ne, ba ya yi ciniki a madadinka ba. Shi ma wakilin ka ba shi kwafi washegari cikin mutunci, don za ku ci gaba da haɗuwa shekara uku. Ka riƙe kwafi ɗaya a wurinka. In Alhaji da ajami ya fi sabawa, ko ɗansa ne ke karanta masa takardu, ka yi la'akari da haka tun wajen rubutu: gajerun jimloli, lambobi manya.

In ranar Asabar ta zo ya ce yana dubawa, ba shi mako guda, sannan ka sake leƙawa. Abin da ba za ka yi ba shi ne tura kuɗi asusunsa haka kawai kafin a daidaita. In ka tura 780,000 babu rubutu, ana iya cewa kafin alkalami ne na miliyan ɗaya, saura 220,000. Kuɗi ya biyo bayan sa hannu. Wajen turawa ta banki ka rubuta a gurbin bayani cewa cikakken kuɗin hayar shekara ce daga wata kaza zuwa wata kaza, rasit ɗin ma ya faɗi haka. In Yuni ya kusa ƙarewa ba amsa, kada ka yi shiru kana zaune, don zaman da aka yi bayan wa'adi ana biyan kuɗinsa. Sake rubuta layi uku cewa kuɗinka a shirye yake kana jiran umarni, ka ajiye kwafi. A wannan gaɓar ne ganin lauya yake da amfani, da rasit ɗinka shida a hannu.

Idan ya sallama, wasiƙa ta gama aikinta, amma ita ba yarjejeniya ba ce. A takardar da za a sa wa hannu, ban da adadi da ranaku, akwai abubuwa uku da 'yan kasuwa suka fi mantawa. Gobara: duk wanda ya tuna abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ya san ba zancen nesa ba ne. A rubuta cewa in shagon ya lalace ba da laifinka ba har ba ya shiguwa, haya ta tsaya, kuma kuɗin watannin da suka rage a mayar maka ko a ɗaga su zuwa bayan gyara. Haka in hukuma ta rushe gaban ginin don faɗaɗa titi. Sai sayarwa ko rasuwa. A mazhabar Malikiyya haya ba ta warwarewa don mai gini ya sayar ko ya rasu, amma magada da sabon mai saye takarda suke ganewa, ba abin da marigayi ya faɗa a zaure ba. A sa layi ɗaya cewa yarjejeniyar ta hau kan magada da duk wanda ginin ya koma hannunsa. Na uku, mafitarka: in kasuwa ta juya maka baya, kana da damar fita a ƙarshen kowace shekara da sanarwar wata uku, ba tare da an bi ka kuɗin shekarun da suka rage ba. Zai iya cewa to ina amfanin shekara ukun? In ya matsa, ku yanka wani adadi da za ka bari in ka fita da wuri, misali kuɗin wata biyu, a rubuta shi.

Kafin ka sa hannu, tabbatar wanda ke ɗaya ɓangaren shi ne mai ikon ba da hayar. In ginin na Alhaji ne shi kaɗai, shi zai sa hannu da kansa, ba wakili ba, sai in wakilin yana da takardar wakilci da ka gani da idonka. In ginin gado ne da ba a raba ba, sa hannun mutum ɗaya ba ya ɗaure sauran, ka nemi na wanda magadan suka wakilta a rubuce. Shaidu biyu, ɗaya daga wajenka, zai fi kyau ɗayan ya zama babban ɗansa. Kowa ya sa hannu a kowane shafi, a kai a buga hatimin haraji don takardar ta karɓu a kotu ba tare da tangarɗa ba, a yi asali biyu. Naka ka ajiye shi a gida, ba a durowar shago ba.